Yadda ɗan kwangila zai rubuta sharuɗɗan ciniki da na biya kafin ya ba ofis kaya bashi

Mai kai wa ofisoshi kaya bashi, irin su takardar rubutu, tawadar firinta, kujeru da kayan shara, ba kasafai ake cinye masa kuɗi gaba ɗaya ba. Abin da ya fi kassara shi shi ne jinkiri. An karɓi kaya, an yi godiya, amma ranar biya ba ta da suna. Yau a ce manaja ya yi tafiya, gobe a ce takardarka ba ta iso wurin akanta ba, jibi a ce wani kwali bai cika ba. Shi kuwa dilan da ya ba ka kayan yana jiran kuɗinsa. Aikin takardar sharuɗɗa shi ne ta mayar da "za mu biya" ta zama ranar da kowa zai iya nunawa da yatsa a kalanda, ta kuma faɗi abin da zai faru idan ranar ta wuce. Shafi ɗaya ya isa, in ya yi yawa biyu.

Zan bi misali ɗaya tun daga farko har ƙarshe. Ɗan kwangila ne da jarin da yake juyawa ya kai 1,200,000, ko da wane irin kuɗi yake ciniki, kuma wani kamfani yana so ya riƙa karɓar kayan ofis na kusan 300,000 duk wata, a biya daga baya.

Kafin ka rubuta komai, ka san hanyar da kuɗi ke bi a ofishin

A yawancin ofisoshi mutum huɗu ne ke tsakaninka da kuɗinka: mai ba da oda, mai karɓar kaya a sito, mai amincewa da biya, da akantan da ke fitar da kuɗin. Wanda ya kira ka a waya yana fara'a galibi na farko ne kawai, kuma ba shi ke da iko da asusu ba. Don haka ka nemi zama da sashen kuɗi tun kafin kaya su motsa. Ka tambaye su takardun da suke buƙata kafin su biya, da wanda ke sa hannu, da ranakun da suke biyan masu kawo kaya. Wasu ofisoshin sau ɗaya suke biya a wata, wasu sau biyu. Idan ranar 25 suke biya, kuma suna rufe karɓar takardu ranar 15, to takardar da ka kai ranar 16 ta riga ta tsallake zuwa watan gobe, komai kyawun sharaɗin da ka rubuta. Sanin wannan shi zai sa ka rubuta wa'adin da za su iya cikawa.

A wannan zaman ne kuma za ka karɓi cikakken sunan kamfanin kamar yadda yake a rajista, da lambar rajistar, da adireshi. Sunan da ke jikin allon ƙofa ba lallai ne shi ne sunan da doka ta sani ba. Idan ta kai ga kotu, wanda sunansa ke takarda shi ake kira, kuma kamfanin da aka yi wa rajista daban yake da mai shi: bashin kamfani ba ya hawa wuyan darakta sai in ya rubuta da kansa cewa ya tsaya wa bashin. Idan ƙaramin kamfani ne sabo wanda ba ka san tarihinsa ba, ka nemi wannan lamunin a rubuce, ko ka fara da ciniki hannu da hannu na wata biyu ko uku.

Wa ke da ikon ba da oda

Sharaɗi na farko ya zama a kan oda. Ga yadda za ka iya rubuta shi:

"Ba za a kai kaya ba sai da takardar oda mai lamba, ɗauke da sa hannun ɗaya daga cikin mutanen da aka ambata a ƙasan wannan takarda. Farashin da aka bayar yana aiki na kwana 14 daga ranar da aka rubuta shi."

Dalilin ambaton sunaye shi ne ranar da za a ce maka "wanda ya karɓi kayan nan ba shi da izini", ko "ai ya bar aiki". Oda ta baki ko ta saƙon waya daga ma'aikacin da ba a ambata ba ita ce ta fi maƙalewa a sashen kuɗi, domin akanta yana haɗa takardu uku ne kafin ya biya: takardar oda, takardar karɓar kaya, da takardar neman biya. Idan ɗaya ta ɓata, ko adadin da ke cikinsu ya saɓa, zai ajiye fayil ɗin gefe, kuma da wuya ya kira ka ya gaya maka. Idan an matsa maka da gaggawa, ka kai kayan, amma ka tsaya a kan a turo lambar oda kafin mota ta tashi. Wa'adin kwana 14 na farashi kuwa yana kare ka ne daga odar da za ta zo bayan wata biyu a kan tsohon farashi alhali kaya sun tashi a wurin dila.

A nan kuma ka faɗi ko farashin ya haɗa da haraji da kuɗin dako ko bai haɗa ba. A ƙasashe da yawa doka ta ɗora wa ofishi ya cire wani kaso na haraji daga kuɗin mai kawo kaya ya miƙa wa hukuma. Idan haka dokar take a inda kake, ka rubuta cewa duk abin da aka cire sai an ba ka shaidarsa a rubuce, domin da ita za ka nemi a rage maka naka harajin.

Karɓar kaya da wa'adin ƙorafi

Duk kayan da ka kai su tafi da takardar karɓa mai kwafi biyu. Mai karɓa ya ƙirga, ya rubuta cikakken sunansa da kwanan wata, ya sa hannu, ya buga hatimin ofis idan akwai. Sa hannu kawai ba suna ba ya da amfani bayan wata uku, domin babu wanda zai yarda nasa ne. Ka ɗauki hoton kwafinka tun kana bakin sito.

Sharaɗin da ke biye shi ne wanda masu ƙananan kwangila suka fi mantawa, kuma a ganina ya fi na tarar jinkirin biya muhimmanci:

"Mai saye zai duba kaya ya kawo duk ƙorafi a rubuce cikin kwanakin aiki 3 daga ranar karɓa. Idan wa'adin ya wuce babu ƙorafi, an ɗauka an karɓi kayan lafiya kuma sun cika. Ƙorafi a kan wani sashe na kaya ba ya hana biyan sauran a ranar da aka tsayar."

A misalinmu, ɗan kwangilar ya kai kayan 280,000 ranar 3 ga Maris, takardu da tawadar firinta. Bayan kwana biyu ofis ya rubuto cewa tawada biyu ba su dace da firintarsu ba, kuma kuɗinsu 20,000 ne. Ya je ya ɗauke su, ya rubuta takardar rage bashi ta 20,000 ɗauke da lambar takardar neman biya ta farko, saura 260,000. Da babu jimlar ƙarshe ta wancan sharaɗi, tawada biyu sun isa su riƙe 280,000 har sai baba ta gani, domin ɗabi'ar sashen kuɗi ce ya dakatar da takarda gaba ɗayanta idan akwai magana a kan layi ɗaya.

Ka yi wa ofishin adalci a nan. Kwana uku na abin da ido ke gani ne, wato adadi, launi, karyewa. Aibin da ba ya bayyana sai an yi amfani da kaya, kamar firintar da ta daina aiki bayan mako biyu, ka ba shi layinsa daban, ka faɗi tsawon garanti da abin da za ka yi, gyara ko musanya. Kada ka yi alƙawarin da ya wuce wanda dila ko masana'anta ta ba ka, domin kai za ka cike gurbin daga aljihunka.

Daga yaushe ake fara ƙirga

Nan ne zuciyar takardar. "Za a biya cikin kwana 30" magana ce da ba ta cika ba, sai an faɗi daga wace rana. Dubi abin da ke faruwa da kayan 3 ga Maris. Idan daga ranar takardar neman biya ne, kuma ka rubuta ta ranar da ka kai kaya, ranar biya 2 ga Afrilu ce. Idan ofis ya ce kwana 30 bayan ƙarshen wata, ranar ta koma 30 ga Afrilu, wato kwana 58 daga ranar da kayanka suka bar hannunka. Idan kuwa aka rubuta "kwana 30 bayan amincewa da takarda", to babu rana ko kaɗan, domin amincewar a hannunsu take, kuma takarda tana iya kwana a tebur har mako shida ba wanda ya saɓa wa sharaɗi.

Ka ɗaura ƙirgan a kan abin da kai kake yi kuma kake da shaidarsa. Mafi sauƙi shi ne ka miƙa takardar neman biya tare da kaya, a sa maka hannu a kwafinka, sannan sharaɗin ya ce:

"Za a biya cikakken kuɗi cikin kwana 30 na kalanda daga ranar da aka miƙa takardar neman biya. Idan ranar ta faɗo a ranar hutu, za a biya a ranar aiki ta gaba. Ana ɗaukar an biya ne ranar da kuɗi suka shiga asusun da ke ƙasa."

Kowace kalma a nan da aikinta. Kwana 30 na aiki mako shida ne a ofishin da ke aiki kwana biyar a mako, shi ya sa aka ce na kalanda. Shigar kuɗi asusu kuwa tana rufe ƙofar "mun rubuta cek" da "mun tura wa banki". Ka kuma rubuta ranar biyan kanta da lambobi a jikin kowace takardar neman biya, "Ranar biya: 2 ga Afrilu", don kada akanta ya sha wahalar lissafi.

Wane wa'adi ya kamata ka bayar? Ka duba wanda dilanka ya ba ka. Idan shi kwana 14 yake jira kai kuma ka ba da 30, to kwana 16 kai ke ɗauke da nauyin da jarinka, kuma ya kamata farashinka na bashi ya nuna haka. Kwana 30 shi ne aka fi sabawa da shi tsakanin 'yan kasuwa da ofisoshi. A Tarayyar Turai ma, dokar da aka yi a 2011 kan jinkirin biya ta tsayar da kwana 30 ga hukumomin gwamnati a mafi yawan lokuta, da kwana 60 tsakanin kamfanoni sai in an yi wata yarjejeniya a fili. Ƙaramin ɗan kwangila da ya yarda da 60 ko 90 ya zama bankin ofishin ne ba tare da ya shirya ba.

Ka ƙara layi biyu gajeru. Na ɗaya, duk kuɗin da aka biya za a fara cire su ne daga bashi mafi daɗewa. Na biyu, ba za a canja asusun biya ba sai da wasiƙa mai sa hannunka da kuma tabbatarwa ta waya a lambar da ke takardar. 'Yan damfara suna aika wa ofisoshi saƙon ƙarya da sunan mai kawo kaya cewa ya canja banki, kuma idan kuɗi suka tafi can, gardamar wa zai ɗauki asara tana iya cin watanni.

Iyakar bashi

Wa'adi yana faɗin yaushe, iyaka tana faɗin nawa. Ka fara da tambayar kanka: idan wannan ofishi bai biya ni ba har wata uku, nawa zan iya rasawa in ci gaba da ciniki? Lissafin asara yana da ɗaci fiye da yadda ake zato. Idan ribarka 15 ce cikin kowane 100 da ka sayar, bashin 300,000 da ya mutu ya tafi da 255,000 na jarinka, kuma sai ka sayar da kayan 1,700,000 kafin ribarsu ta mayar maka da wannan kawai.

Ɗan kwangilarmu ya tsayar da 450,000. Ya fi cinikin wata ɗaya, don oda ta biyu ta samu shiga kafin a biya ta farko, amma bai kai rabin jarinsa ba. Ni da zan ba shi shawara, a watannin farko 300,000 zai sa, ya ɗaga bayan an biya shi sau uku a kan lokaci. Sharaɗin ya ce:

"Jimlar bashin da ba a biya ba ba za ta wuce 450,000 ba a kowane lokaci. Odar da za ta sa a wuce wannan iyaka sai an biya bambancin kafin a kai kaya."

Ranar 20 ga Maris ofis ya turo oda ta 220,000. Ana binsu 260,000, idan aka haɗa ya zama 480,000, an wuce iyaka da 30,000. Bai ce ba zai kawo ba, bai kuma yi shiru ya kai ba. Ya rubuta musu cewa ko dai su rage 30,000 daga tsohon bashi ya kawo duka, ko ya kawo na 190,000 yanzu sauran su biyo baya. Wannan saƙo ba ya ɓata dangantaka, domin magana ce da suka riga suka sa wa hannu. Abin da ke ɓata ta shi ne ka yi ta haƙuri har bashi ya kai 900,000 sannan ka fashe rana ɗaya.

Kayan da aka yi musamman don ofishin, irin takardun wasiƙa masu tambarinsu, hatimi, ko teburin da aka auna wa ɗakinsu, kada ka sa su cikin bashi gaba ɗaya. Idan suka fasa, babu wanda zai saye su. Ka nemi kafin alƙalami da zai rufe abin da za ka kashe, rabi ko sama da haka, ka rubuta cewa ba a mayar da shi bayan an fara aiki.

Idan ranar ta wuce

Makamin da ya fi aiki a hannun ƙaramin mai kawo kaya shi ne dakatar da kaya, domin shi kaɗai ne ba ya buƙatar lauya. Ka rubuta shi a fili: "Idan biya ya yi jinkirin kwana 7, mai sayarwa yana da damar dakatar da duk wata oda har sai an biya, kuma wannan ba saɓa yarjejeniya ba ne. Idan ya kai kwana 30, duk bashin da ke ƙasa ya zama abin biya nan take." Ƙarshen jimlar farko yana da muhimmanci, domin ba tare da shi ba ofis zai iya juya magana ya ce kai ne ka karya alƙawarin kawo kaya.

A misalinmu 2 ga Afrilu ta zo kuɗi ba su shigo ba. Ranar 3 ya aika tunatarwa ga akanta, da hoton takardun nan uku, ya tambaya ko akwai abin da ya rage daga ɓangarensa. Sau da yawa amsar wannan tambaya ce ke warware komai, a ce lambar oda ba ta jikin takarda ko sa hannu ɗaya ya rage. Ranar 9 ga Afrilu, kwana 7 cif, ya rubuta wa wanda ya sa hannu a sharuɗɗan cewa an dakatar da kaya. Ana iya gane ofishin da tsarinsa ne ke da nawa daga wanda kuɗi suka yanke masa. Na farko zai ba ka rana kuma ya gaya maka inda fayil yake. Na biyu zai daina ɗaga waya, ya riƙa biyan gutsure ba lissafi, ko ya turo sabuwar oda babba alhali tsohuwar tana nan. Idan ka ga waɗannan, kada ka ƙara ko kwali ɗaya, kuma ka nemi su sa hannu a takardar da ke nuna jimlar abin da kake binsu da ranakun da za su biya.

Batun tarar jinkiri kuwa, wasu suna sa wani kaso a kowane wata. Idan za ka sa, ya zama daidai gwargwado, kuma ka tabbatar dokar ƙasarka ta yarda da shi, domin kotuna a wurare da yawa suna soke tarar da ta yi tsanani. Wanda ba ya mu'amala da kuɗin ruwa yana iya barin wannan layi gaba ɗaya ya dogara da dakatarwa da iyakar bashi. Akwai kuma rangwame ga wanda ya biya da wuri, misali a rage 2 cikin 100 idan an biya cikin kwana 10 maimakon 30. Yana jawo kuɗi, amma ka san tsadarsa: ka bar 2 cikin 100 don ka samu kuɗinka kwana 20 da wuri, wanda idan aka lissafa a shekara ya kai kusan 37 cikin 100. Mai ƙaramar riba ya yi tunani sau biyu.

Ana yawan sa sharaɗin cewa kaya mallakar mai sayarwa ne har sai an gama biya. Ka sa shi, amma ka san iyakarsa. Yana da amfani a kan firinta, na'urar sanyaya ɗaki ko kujeru, musamman idan ka rubuta lambar jikin kowace na'ura a takardar karɓa. Ba ya da amfani a kan takardar da aka riga aka buga ko tawadar da ta ƙare. Kuma bai ba ka damar kutsawa ofis ka kwashi kaya da ƙarfi ba, sai da yardarsu ko umarnin kotu. Ka haɗa shi da cewa ɓata ko lalacewar kaya tana wuyan mai saye daga lokacin da ya sa hannu ya karɓa.

Sa hannu, da takardar da ke bayan odarsu

Takardar ta ƙare da layi ɗaya a kan saɓani, cewa za a fara da zama cikin kwana 14 kafin a je ga mai sulhu ko kotu, sai sunaye, muƙamai, kwanan wata da hatimi. Wanda zai sa hannu ya zama darakta, shugaban sashen kuɗi, ko wanda aka ba izini a rubuce. A yi kwafi biyu, kowa ya riƙe ɗaya, kuma a yi haka kafin kaya na farko su fita. Sharaɗin da ya fara bayyana a jikin takardar neman biya bayan an riga an karɓi kaya yana da rauni, domin ofis zai ce ba a kansa aka ƙulla ciniki ba.

Manyan ofisoshi suna da nasu sharuɗɗan, kuma sau da yawa suna buge da ƙananan haruffa a bayan takardar oda ko a ƙasanta. Ka juya ka karanta duk lokacin da oda ta zo. Idan nasu ya ce kwana 60 naka ya ce 30, ka kuma kai kaya ba ka ce komai ba, a tsarin shari'a da yawa ana iya ɗaukar ka amince da nasu, tunda shi ne na ƙarshe da aka miƙa kafin a cika ciniki. Ka sa a takardarka cewa waɗannan sharuɗɗa su ke aiki a kan kowace oda sai in an canja su a rubuce da sa hannun ɓangarorin biyu, kuma duk da haka idan ka ga saɓani ka rubuta musu kafin ka loda mota. Hukumomin gwamnati galibi ba sa karɓar sharuɗɗan mai kawo kaya, nasu ake bi, don haka a wurinsu abin da ya rage a hannunka shi ne iyakar bashin da ka tsayar wa kanka da cikar takardunka.

Bayan ka gama rubutawa, ka kai wa lauya ya duba sau ɗaya, musamman layin tarar jinkiri, na mallakar kaya da na haraji, domin su ne suka fi bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. Daga nan takardar ɗaya za ka riƙa amfani da ita ga kowane ofis, abin da zai riƙa canjawa shi ne sunan kamfani, sunayen masu ba da oda, yawan kwanaki da iyakar bashi.